Masu Gadi Uku Da Ke Hana Ƙararrawarmu Sandarewa



Duk wanda ya zo makaranta zangon da ya wuce zai tuna ranar da tara ta kusa kai awa guda. Ƙararrawar shiga aji ba ta kaɗa ba, kowa ya ci gaba da ƙwallo da cin awara, har sai da mataimakin shugaban makaranta ya fito da kansa. A ranar an yi wa mai kula da lokaci faɗa sosai, alhali ba laifinsa ba ne. Laifin na'urar da mu 'yan kulob ɗin kimiyya muka haɗa ne. Da muka buɗe akwatinta mun tarar fitilarta tana ci, lambobi suna nan a fuskarta, amma agogon ya tsaya cak a kan 10:12. Wato ta sandare. Muna danna maɓallin farawa sai ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

Malaminmu na fasaha ya ce mana, "Na'urar da sai mutum ya zo ya danna mata maɓalli, ai gara ƙarfen da kuke bugawa a gindin darbejiya." Maganar ta yi mana zafi, amma gaskiya ce. Mun yi mako uku muna bincike tare da shi, ga abin da muka koyo.

Abin da ke cikin akwatin

Na'urar tana da allon Arduino Uno. A tsakiyarsa akwai wata baƙar aba doguwa mai ƙafafu 28, an rubuta ATmega328P a bayanta. Ita ce ake kira maikurokwanturola, mu dai za mu riƙa ce mata ƙwaƙwalwa. Tana karanta umarnin da muka rubuta mata ɗaya bayan ɗaya, tana bin bugun wani ɗan kiristal da ke bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa guda. Sai ƙaramin agogo mai suna DS3231 wanda ke da batirinsa, da 'yar fuska mai nuna lokaci, da rile, wato makunnin da ƙwaƙwalwar ke amfani da shi ta kunna ƙararrawa. Cajar waya ce ke ba su wuta mai ƙarfin bolt 5. Ɓangaren babbar wutar da ke shiga ƙararrawar kuwa malam ne ya haɗa da hannunsa, bai bar mu mun taɓa ba.

Maganin sandarewa shi ne riset. Riset na nufin a tsayar da ƙwaƙwalwa, a saki duk ƙafafunta, a mayar da ita layin farko na umarni. Da zarar ƙafafun sun saku, rile ma yana sakewa, don haka ƙararrawa ba za ta maƙale tana ta kuka ba. Abin da ba mu sani ba shi ne, a cikin ƙwaƙwalwar akwai masu gadi uku da za su iya yin riset ba tare da hannun mutum ba. Kowanne da ƙofar da yake tsaro.

Mai gadi na farko: mai tayarwa idan an kawo wuta

A takardar bayanin ƙwaƙwalwar an rubuta sunansa POR. Idan aka jona caja, wuta ba ta tashi daga sifili zuwa bolt 5 nan take, hawa take yi. Kiristal ma yana bukatar ɗan lokaci kafin bugunsa ya daidaita. Idan ƙwaƙwalwa ta fara karatu a wannan lokaci, za ta zama kamar ɗalibin da aka tasa daga barci aka ce ya yi lissafi.

Wannan mai gadi yana riƙe ta har sai wuta ta haura kimanin bolt 1.4. Bayan haka akwai ɗan jira. A saitin da Uno ke zuwa da shi, jiran ya kai kimanin milisakan 65, ban da ɗan lokacin da ake ba kiristal. Milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka ido ba zai ga wannan jira ba.

Ba sai an kunna wannan mai gadi ba, kullum yana bakin aiki. Amma yana da iyaka: ba ya sake motsawa sai wuta ta faɗi ƙasa sosai, wajen bolt ɗaya da 'yan kai. Idan ta ɗan sauka ta dawo, shi bai ga komai ba.

Mai gadi na biyu: mai lura da raunin wuta

Dukanmu mun san yadda ƙwan lantarki ke yin ja kamar garwashi idan wuta ba ta da ƙarfi. Ƙwai yana iya haƙuri da hakan, ƙwaƙwalwa kuwa tana iya karanta umarni a karkace, ta tsallaka inda ba a aike ta ba, ko ta ɓata abin da ta ajiye. Mai gadin wannan ƙofa sunansa BOD. Yana kwatanta ƙarfin wuta da wani ma'auni, idan wutar ta sauka ƙasa da shi sai ya riƙe ƙwaƙwalwa a riset har ta dawo.

ATmega328P tana ba da zaɓi uku na wannan ma'auni: bolt 1.8, ko 2.7, ko 4.3. Uno yana zuwa a kan 2.7. A nan ne muka gano abin da ya ba mu mamaki.

Takardar bayanin ta ce a bolt 2.7 ƙwaƙwalwar tana iya gudun bugu miliyan 10 a daƙiƙa, a bolt 4.5 kuma miliyan 20, kuma tsakanin biyun miƙaƙƙen layi ne. Tamu tana gudun miliyan 16. Sai malam ya ce mu yi lissafi a kan allo. Daga 10 zuwa 20 taki goma ne, daga 2.7 zuwa 4.5 kuma bolt 1.8 ne. Ke nan kowane taki yana cin bolt 0.18. Daga 10 zuwa 16 taki shida ne:

6 × 0.18 = 1.08
2.7 + 1.08 = 3.78

Ma'ana, ƙwaƙwalwarmu tana bukatar kusan bolt 3.8 kafin a tabbatar za ta yi aiki daidai, amma mai gadinta ba ya motsawa sai wuta ta kai 2.7. Tsakanin 3.8 da 2.7 fili ne da ba kowa a bakin ƙofa.

Ta yaya wuta za ta shiga wannan fili? Idan aka ɗauke wuta, caja ba ta mutuwa nan take, sauran wutar da ke cikinta tana tsiyayewa ne a hankali. Idan wutar ta ƙifta ta dawo, ko aka juya layi zuwa janareta da sauri, ƙarfin zai iya sauka zuwa bolt 3 ya sake hawa. Mai gadi na farko bai gani ba, na biyu ma bai gani ba.

Mun gwada da wata na'urar malam da ake iya rage mata ƙarfin wuta, muna kallon mita. Gaskiyar magana, a bolt 3.3 ƙwaƙwalwar ta ci gaba da aiki. Rubutun fuskar ne ya fara dusashewa, rile kuma ya daina kamawa da kyau. Malam ya ce kada mu ruɗu da wannan. Yin aiki yau a ɗaki mai sanyi ba alkawari ba ne cewa za ta yi gobe a zafin watan Afrilu.

Sai muka ɗaga ma'aunin zuwa 4.3. Ba a canza shi daga cikin furogiram. Yana cikin wani saiti na dindindin da ake kira fiyus, ko da yake ba irin fiyus mai ƙonewa ba ne. Ana bukatar wata 'yar na'ura mai suna USBasp da ake jonawa a ƙafafu shida na allon, sannan a buga wannan umarni a kwamfuta:

```
avrdude -c usbasp -p m328p -U efuse:w:0xFC:m
```

Lambar 0xFC ita ce bolt 4.3, 0xFD kuma ita ce 2.7 da allon ya zo da ita. Gargaɗi: `efuse` kaɗai muka taɓa. Akwai `lfuse` da `hfuse`, kuskure a cikinsu yana iya sa ƙwaƙwalwa ta daina amsawa gaba ɗaya. Kada wanda ya gwada ba tare da malami ba.

Washegari sabuwar matsala ta ɓullo. Duk lokacin da ƙararrawa za ta kaɗa, sai mu ji "ƙyas", na'urar ta mutu ta tashi. Mun auna wutar a jikin allon muka samu bolt 4.6 maimakon 5, saboda wayar cajarmu doguwa ce kuma siririya. Idan rile ya kama yana jan kimanin miliamfiya 70, wutar sai ta ƙara sauka. Kuma 4.3 ɗin nan ba daidai wa daida ba ne, takardar ta ce a wata ƙwaƙwalwar zai iya zama 4.1, a wata kuma 4.5. Mai gadin bai yi kuskure ba, raunin wayarmu ya tona. Muka sa gajeriyar waya mai kauri, muka ƙara kafasita mai maikurofarad 470 kusa da rile, mita ta nuna 4.9, matsalar ta tafi.

Mai gadi na uku: kare

Bayan kwana huɗu na'urar ta sake sandarewa, kuma a ranar wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ashe sandarewa ba daga wuta kaɗai take zuwa ba.

Ƙwaƙwalwa tana tambayar agogo lokaci ta wayoyi biyu, SDA da SCL. Idan ta yi tambaya sai ta tsaya jiran amsa. Idan waya ta ɗan saki, ko tartsatsin rile ya rikita maganar, amsar ba za ta zo ba, ita kuma za ta ci gaba da jira har abada. Kamar yaron da aka aika aka ce kada ya dawo sai da canji, mai shago kuma ya rufe ya tafi. Wuta lafiya lau take, don haka masu gadi biyun farko ba ruwansu.

Wannan aikin na uku ne. Ana rubuta sunansa WDT, Turawa kuma da kare mai gadi suka kwatanta shi. Ma'aunin lokaci ne da ke ƙirga da kansa. Dole furogiram ya riƙa dawowa yana mayar da ƙirgar sifili, abin da muke kira ciyar da kare. Idan lokacin da aka ɗiba ya cika ba a ciyar da shi ba, sai ya yi riset. Ba ya bin bugun kiristal, yana da nasa mai bugawa sau 128,000 a daƙiƙa, don haka ko furogiram ya ɓace a hanya shi yana nan yana ƙirga. Ana iya ɗibar masa lokaci daga milisakan 16 har zuwa daƙiƙa 8.

Sabanin sauran biyun, a Uno wannan sai an kunna shi:

```
#include <avr/wdt.h>

void setup() {
  // sauran shiri
  wdt_enable(WDTO_2S);
}

void loop() {
  karantaAgogo();
  nunaLokaci();
  dubaJadawali();
  delay(200);
  wdt_reset();
}
```

Me ya sa muka zaɓi daƙiƙa 2? Zagaye ɗaya na aikinmu bai kai rabin daƙiƙa ba. Idan lokacin ya yi gajarta, kare zai ciji na'ura mai lafiya. Idan ya yi tsawo, za a daɗe a sandare. Daƙiƙa 2 ta ba mu sarari wadatacce.

Sai dai mun manta abu ɗaya, kuma duk makaranta ta ji sakamakon. Mun rubuta cewa ƙararrawa ta kaɗa na daƙiƙa 5 da `delay(5000)`. A cikin wannan jira ba wanda ke ciyar da kare. Da 8:00 ta yi, ƙararrawa ta kama, bayan daƙiƙa 2 kare ya yi riset, ta tsaya. Ƙwaƙwalwa ta farka ta manta ta riga ta kaɗa, domin riset yana sa ta fara komai daga farko. Ta tambayi agogo, ya ce har yanzu 8:00 ce, sai ta sake kaɗawa. Haka aka yi ta yi har minti guda ya cika. 'Yan aji ɗaya sun zata gobara ce.

Gyaran shi ne a yanka dogon jira gunduwa-gunduwa:

```
kunnaRile();
for (int i = 0; i < 10; i++) {
  delay(500);
  wdt_reset();
}
kasheRile();
```

Rabin daƙiƙa sau goma ya ba da daƙiƙa 5, kuma kare yana samun abinci a kowace gunduwa. Wannan ba haɗari, domin zagayen yana da iyaka, sau goma ne ya ƙare. Kuskuren da malam ya ja mana kunne a kai shi ne sa `wdt_reset()` a cikin zagayen jiran amsa, wanda ba a san ranar ƙarewarsa ba. Idan aka yi haka na'ura za ta sandare tana ciyar da kare, shi kuma ya yi shiru. Ana ciyar da shi ne bayan an gama aiki, a matsayin shaidar cewa an gama.

Don mu tabbatar yana aiki, mun saka layin `while (1);` da gangan, wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta tsaya wuri ɗaya. Bayan kimanin daƙiƙa 2 ta tashi da kanta. Sannan muka cire layin.

Yadda za a gane wanda ya yi riset

Na'urar da ke tashi da kanta tana iya ɓoye ciwonta. Idan tana riset sau goma a rana ba mu sani ba, ba mu gyara komai ba. Abin daɗi shi ne kowane mai gadi yana barin alama a wani ɗan wurin ajiya mai suna MCUSR. PORF na nufin an kawo wuta ne, EXTRF na nufin an danna maɓalli, BORF raunin wuta, WDRF kuma kare.

```
void setup() {
  byte dalili = MCUSR;
  MCUSR = 0;
  wdt_disable();
  // nuna dalili, gama shiri
  wdt_enable(WDTO_2S);
}
```

Layi na biyu da na uku ba ado ba ne. Bayan kare ya yi riset, yana nan a kunne, kuma lokacinsa ya koma mafi gajarta, milisakan 16. Idan ba a goge alamar an kashe shi da wuri ba, zai sake cizo kafin a gama shiri, na'ura ta shiga mutuwa da tashi ba iyaka. Kuma ba ya kasuwa sai an fara goge WDRF, shi ya sa `MCUSR = 0` ya riga `wdt_disable()`.

Da farko sifili muke ta samu. Dalili shi ne a cikin Uno akwai ɗan furogiram mai suna Optiboot da ke fara tashi kafin namu don karɓar sabon furogiram daga kwamfuta, kuma yana goge alamun kafin mu gani. Da muka loda namu kai tsaye ta USBasp, babu shi a tsakani, sai alamun suka bayyana. Wani abin lura kuma, idan an kawo wuta ana iya ganin PORF da BORF tare, domin wutar ta ratsa ta ƙasa kafin ta hau. Saboda haka PORF ake fara dubawa.

Yanzu fuskar na'urar tana nuna harafi ɗaya a kusurwa. Idan muka ga alamar raunin wuta, caja da waya muke dubawa. Idan alamar kare ce, furogiram da wayoyin agogo muke bi. Ta haka muka gano cewa wayar SDA tana rawa a raminta, muka kai wa mai gyaran rediyo ya like mana ita da dalma.

Abin da kare ba zai iya ba

Kare ƙwaƙwalwa kaɗai yake tayarwa, ba ya taɓa agogo. Wani lokaci agogon ne ke maƙalewa a tsakiyar magana ya riƙe wayar SDA. Ƙwaƙwalwa za ta tashi, ta tambaya, ta sandare, a sake tayar da ita, a yi ta zagaye. Maganin da aka sani shi ne a farkon shiri a aika bugu tara a wayar SCL don agogon ya ƙarasa maganarsa ya saki layi. Shi ne aikin da muke kai yanzu. Haka nan idan muka rubuta jadawali ba daidai ba, babu mai gadin da zai sani, domin a wurinsu na'ura tana lafiya.

Tun da muka like wayar, ƙararrawa ba ta sake makara ba. Mun je mun ba mai kula da lokaci haƙuri, ya ce ya yafe, amma har yanzu bai yar da ƙarfensa ba.

Tambayoyin wannan fitowa

1. Idan ƙwaƙwalwar tana gudun bugu miliyan 12 a daƙiƙa, bolt nawa take bukata? A bi lissafin da muka yi a sama.
2. Na'ura tana zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 3, an ɗibar wa kare daƙiƙa 2. Me zai faru?
3. Wuta ta sauka daga bolt 5 zuwa 3 ta dawo. Wane mai gadi ne zai gani idan ma'auni yana kan 2.7, kuma wane ne idan yana kan 4.3?

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Wanda ya ci duka uku shi zai saita jadawalin ƙararrawa na zango mai zuwa tare da mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.